Yadda ake kaiwa layin ƙarshe a Excel da sauke fomula ba tare da jan maus ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shafin makin ɗalibai 4,300 a Excel. Kolum A lamba ce, B suna, C makin gwaji, D makin jarrabawa, E kuma jimilla nake son sawa. Idan na danna Ctrl da kibiyar ƙasa ba ya kai ni ƙarshe, wani lokacin kuma sai in ga kaina a layi miliyan ɗaya da wani abu. Jan fomula da maus ya gajiyar da ni. Mene ne mafita?

Wa alaikumus salam Malama. Kwamfutarki lafiyarta ƙalau. Abin da aka koya miki ne bai cika ba. Yawancin mutane an ce musu `Ctrl+↓` yana kai mutum layin ƙarshe, alhali ba aikinsa ke nan ba. Excel bai san inda bayananki suka ƙare ba, abin da yake dubawa kawai shi ne akwatin da kike kai da wanda ke ƙarƙashinsa. Idan dukansu suna da rubutu, zai yi ta gangarawa har ya zo akwati na ƙarshe kafin wanda babu komai a cikinsa, sai ya ja birki. Idan na ƙarƙashin fanko ne, zai tsallake fankon ya sauka a kan akwati na farko mai rubutu. Idan kuwa bai sami komai ba har ƙasa, sai ya dire a gindin shafi, wato layi na 1,048,576. Iyakar layukan shafi ke nan tun daga Excel 2007. Tsoffin fayiloli masu ƙarewa da `.xls` su a layi na 65,536 suke tsayawa.

Mu ɗora wannan a kan shafinki. Layi na 1 kanun kolum ne, saboda haka ɗalibanki suna daga layi na 2 zuwa na 4301. A ce ɗalibin da ke layi na 218 bai zauna jarrabawa ba, an bar D218 fanko. Kina kan D2 kika danna `Ctrl+↓`, sai ki tsaya a D217. Kika sake dannawa, sai ya tsallake ramin ya sauka a D219. Na uku ya kai ki bakin rami na gaba. Idan ɗalibai talatin ne ba su zauna ba, kuma a warwatse suke, za ki danna wajen sau sittin kafin ki ga ƙarshe. A kolum E kuwa, da yake ba ki sa komai ba tukuna, danna ɗaya ya isa ya jefa ki can layin miliyan. Abu biyun da kika gani doka ɗaya ce ta haife su.

Don haka kafin ki taɓa kowane maɓalli, ki nemi kolum ɗin da ba shi da rami. A wurinki A ne, tunda babu ɗalibin da ba shi da lamba. Shi za ki riƙa bi idan za ki sauka. Ki danna `Ctrl+Home` ki koma A1, ki danna `Ctrl+↓`, ga ki a A4301. Idan kin daskarar da layin sama da Freeze Panes, `Ctrl+Home` zai ajiye ki a akwatin farko da ke ƙarƙashin layin da aka daskarar, ba a A1 ba, amma wannan bai ɓata komai ba.

To idan kowane kolum yana da rami fa? Sai ki ɓullo masa ta ƙasa. Wannan ita ce dabarar da na fi amincewa da ita, domin ba ta dogara da tsaftar bayanai ba. A hagun sandar fomula akwai ɗan akwatin da yake nuna adireshin inda kike, sunansa Name Box. Ki rubuta `A1048576` a ciki, ki danna Enter, sannan ki danna `Ctrl+↑`. Tunda daga gindi kika taso, kuma duk abin da ke tsakani fanko ne, abu na farko da Excel zai ci karo da shi shi ne akwati na ƙarshe mai rubutu a kolum A, komai yawan ramukan da ke samansa. Sai dai ki dubi inda kika sauka da idonki. Idan wani ya rubuta jimilla ko sa hannu a ƙarƙashin bayanan, a kansa za ki tsaya.

Za ki ji ana cewa a yi amfani da `Ctrl+End`. Yana da amfaninsa, amma ni ban yarda da shi ido rufe ba. Inda yake kai mutum shi ne mahaɗar layi mafi ƙasa da kolum mafi dama da Excel yake ɗauka an yi amfani da su. Matsalar tana cikin ma'anar "amfani". Akwatin da aka shafa wa launi, ko aka yi wa iyaka, ko aka rubuta abu a ciki aka goge da Delete aka bar adonsa, duk Excel yana iya ci gaba da ƙirga shi. Shi ya sa bayananki za su ƙare a layi na 4301, `Ctrl+End` kuma ya kai ki layi na 9000 inda babu ko ɗigo. Wata alamar ita ce ɗan abin da ake ja a gefen dama don sauka ya ƙanƙance, da kin taɓa shi sai ki wuce bayanan gaba ɗaya. Gyaransa shi ne ki je A4302, ki danna `Shift+Space` ya zaɓi layin duka, ki danna `Ctrl+Shift+↓` ya haɗa har gindi, sannan `Ctrl` da alamar ragewa don cire layukan ɗungurungum. Maɓallin Delete ba zai yi ba, shi rubutu kawai yake gogewa. Bayan nan ki adana fayil ɗin da `Ctrl+S`, domin sau da yawa sai an adana Excel yake sake lissafin iyakar. Ki tabbata babu wani abu mai amfani a ƙasan kafin ki cire.

Zaɓen akwatuna ba wani sabon karatu ba ne. Duk tafiyar da kika yi da maɓalli, idan kika haɗa da Shift, abin da kika bi ta kansa zai shiga zaɓi. `Ctrl+Shift+↓` daga A2 zai zaɓi A2 zuwa A4301. Ki ƙara `Ctrl+Shift+→` ya faɗaɗa zuwa dama. Nan ma dokar rami tana aiki, kuma layin akwatin da kika fara da shi yake dubawa, wato layi na 2, ba na ƙasa ba. Idan kina son bayanan gaba ɗaya, ki tsaya a cikinsu ki danna `Ctrl+A`. Dannawa ta farko tana ɗaukar dunƙulen bayanan da kike ciki, ta gaba ta ɗauki shafin duka. Ramin D218 ba ya hana `Ctrl+A` aiki, saboda A218 da B218 suna riƙe da layin. Abin da yake yanke shi shi ne layin da babu komai a cikinsa daga farko har ƙarshe, irin wanda ake bari tsakanin aji da aji don ado.

Yanzu fomula. Ki rubuta wannan a E2:

```
=C2+D2
```

Ga inda mutane suke afkawa. Suna kan E2, sai su danna `Ctrl+Shift+↓` sannan `Ctrl+D`. Tunda E fanko ne, zaɓin ya kai har E1048576, sai Excel ya zuba fomula sama da miliyan ɗaya. Kwamfuta ta fara nishi, fayil ya kumbura, `Ctrl+End` kuma ya lalace. Idan hakan ta faru da ke, `Ctrl+Z` nan take, kafin ki adana.

Hanyar da ta dace ita ce ki sauka ta kolum A, ki hau ta kolum E. Daga A1 ki danna `Ctrl+↓` ki isa A4301. Ki danna kibiyar dama sau huɗu, kina E4301. Yanzu `Ctrl+Shift+↑`. Da yake duk abin da ke sama fanko ne, zaɓin zai hau har ya taɓa akwati na farko mai rubutu, wato E2 mai fomularki, ya haɗa da shi. Sai `Ctrl+D`. Aikin `Ctrl+D` shi ne ya ɗauki abin da ke akwatin da ya fi sama a cikin zaɓi ya zuba wa na ƙasa, ba ruwansa da ta inda kika fara zaɓen. E3 zai zama `=C3+D3`, E4301 ya zama `=C4301+D4301`. Da hannu ya saba, duk wannan bai kai daƙiƙa biyar ba. Ɗan'uwansa `Ctrl+R` haka yake yi, amma zuwa dama.

Idan kin riga kin san lambar layin ƙarshe, akwai wadda ta fi wannan gajarta. Ki rubuta `E2:E4301` a Name Box, Enter. An zaɓi kolum ɗin daidai wa daida. Kada ki taɓa maus. Ki rubuta fomular, amma maimakon Enter ki danna `Ctrl+Enter`, sai ta shiga duk akwatunan lokaci guda, kowanne da lambar layinsa. Maɓallin `F5` ko `Ctrl+G` yana buɗe Go To, wanda shi ma yake karɓar irin wannan adireshi, ga wanda ba ya son ɗaga hannu daga kibod.

`Ctrl+Enter` yana da tarko ɗaya da `Ctrl+D` ba shi da shi. A cikin kowane zaɓi akwai akwati ɗaya da yake fari, sauran sun yi duhu. Wannan farin shi ne wanda kike rubutu a cikinsa, kuma daga shi Excel yake auna sauran. Idan ta Name Box kika zaɓa, farin E2 ne, `=C2+D2` daidai ne. Amma idan daga ƙasa kika taso da `Ctrl+Shift+↑`, farin E4301 ne. Kika rubuta `=C2+D2` a nan kika danna `Ctrl+Enter`, to kin ba ɗalibi na ƙarshe makin ɗalibi na farko, E4300 zai koma yana haɗa kanun kolum ya nuna `#VALUE!`, na samansa kuma ba a magana. Don haka idan daga ƙasa kika zaɓa, `Ctrl+D` ne naki.

Na san za a ce miki ai akwai mai sauƙi: ɗan ɗigon da ke kusurwar dama ta ƙasan akwati, a danna shi sau biyu da maus, fomula ta gangara da kanta. Gaskiya ne, ni ma ina yi. Amma Excel yana hasashen inda zai tsaya ne ta duban bayanan da ke maƙwabtaka da kolum ɗin. Tsoffin sigogi suna tsayawa da zarar sun ga rami a kolum na kusa, wato da a layi na 217 za ki tsaya. Sababbi sun fi wayo, amma layi fanko gaba ɗaya yana tare su, kuma idan babu bayanai a kusa ko kaɗan, danna biyun ba ya yin komai. Abin haushin shi ne ba ya gaya miki ya tsaya. Allon yana nuna layuka talatin ko arba'in na sama, duk sun cika, hankalinki ya kwanta.

Ya taɓa cin ni. Shekarun baya a wani wurin aiki na sauke fomula da danna biyun nan a shafi mai layuka dubu shida da 'yan kai, na tara jimilla na miƙa rahoto. Ashe wanda ya haɗa fayilolin ya bar layi ɗaya fanko a wajen layi na dubu biyu, inda fayil na farko ya ƙare na biyu ya fara. Kashi biyu cikin uku na bayanan ba su shiga lissafi ba. Wanda ya gano bai buɗe shafin ba ma, jimillar ya kalla ya ce ta yi kaɗan. Tun ranar ban ƙara sauke fomula ban bi ta na duba ba.

Dubawar ba ta da wuya. Bayan kin sauke, ki koma E2 ki danna `Ctrl+Shift+↓`, ki kalli sandar da ke can ƙasan tagar Excel. Za ki ga `Count`, ya kamata ya nuna 4300. Idan ya nuna 216, kin san inda aka tsaya. Bayan irin wannan zaɓi allon yana can ƙasa, sai ki danna `Ctrl+Backspace` ya dawo da ke kan akwatin da kika fara ba tare da zaɓin ya warware ba. Mutane da yawa ba su san wannan ba, sai su koma jan maus, su ɓata zaɓin da suka yi.

Akwai kuma wani abu a fomular kanta da ya shafi ramukan D. Excel yana ɗaukar akwati fanko a matsayin sifili idan ana tarawa. Ɗalibin layi na 218, idan ya sami 24 a gwaji, jimillarsa za ta fito 24, kamar ya zauna jarrabawa ya tashi ba ko ɗaya. Idan kina son a bambanta wanda bai zauna ba, ki yi amfani da wannan:

```
=IF(D2="","",C2+D2)
```

A wasu kwamfutoci, gwargwadon saitin ƙasar da aka yi musu, `;` ake sawa a madadin waƙafi. Da wannan fomula E218 zai fito kamar babu komai, amma ba fanko ba ne, akwai fomula a ciki. `Ctrl+↓` zai bi ta kansa ya wuce har E4301 bai tsaya ba, kuma `Count` zai ƙirga shi. Wannan ya nuna miki cewa ganin ido ba shi ne ma'auni ba. Haka akwatin da wani ya danna maɓallin tazara a ciki don "gogewa": fari ne tas, amma Excel yana ganinsa cike. Idan kina son sanin gaskiyar D, ki gwada `=COUNT(D2:D4301)`, wanda lambobi kaɗai yake ƙirgawa, da `=COUNTA(D2:D4301)`, wanda yake ƙirga duk akwatin da ke da wani abu. Idan na biyu ya fi na farko, akwai tazara ko rubutu a inda maki ya kamata ya kasance, kuma su ne za su jawo miki `#VALUE!` a jimilla.

Sai maganar da ba zan tsallake ba, tunda na san bayan jimilla za ki so sanin wa ya ci wa ya faɗi. A ce kin sa makin ci a H1, 40. A akwatin F2, akwatin nake nufi ba maɓallin da ke saman kibod ba, kika rubuta:

```
=IF(E2>=H1,"Ya ci","Ya faɗi")
```

Kika sauke ta ƙasa. Yadda E2 ya zama E3, haka H1 zai zama H2, sannan H3, har ƙasa. Waɗannan kuwa fanko ne, sifili ke nan, kuma kowane maki ya kai sifili. Ɗalibi na farko kaɗai aka auna da 40, sauran 4,299 duk sun ci. Babu jan rubutu, babu gargaɗi, sakamako mai daɗin gani. Irin wannan kuskuren ya fi `#VALUE!` haɗari, domin shi wancan yana ihu. Magani shi ne ki ɗaure H1 da alamar `$` kafin ki sauke. Kina cikin rubuta fomular, da kin rubuta `H1` sai ki danna maɓallin `F4`, ya koma `$H$1`. Idan kika ci gaba da dannawa zai zama `H$1`, sannan `$H1`, sannan ya dawo yadda yake. Bayan kin sauke, ki je F4301 ki karanta fomular a sandar sama. Dole ki ga `E4301` da `$H$1`. Idan kuma kin yi amfani da fomular da take barin E218 ba lamba, ki sa irin wannan sharaɗin a F ma, don Excel yana ɗaukar rubutu, ko da fanko ne, a matsayin wanda ya fi kowace lamba, sai ki ga wanda bai zauna ba an ce ya ci.

Wani lokacin za ki sauke fomula daidai, amma duk layukan su nuna amsar layi na 2. Kin duba fomulolin, lambobin layi sun canza yadda ya kamata, amsa ce ta ƙi motsi. Wannan lissafi ne aka mayar na hannu. Ki danna `F9` ya lissafa, sannan ki je Formulas, Calculation Options, ki mayar da shi Automatic. Idan kuma kibiyoyin suna motsa allo ne maimakon akwati, Scroll Lock ne a kunne, za ki ga an rubuta shi a sandar ƙasa. A laftof da yawa Home da End da su `F4` suna buƙatar a haɗa da `Fn`, a kwamfutar Mac kuma Command ake haɗawa da kibiya a madadin Ctrl.

Idan wannan shafin zai ci gaba da girma, ana ƙara ɗalibai, shawarata ki mayar da shi tebur. Ki tsaya a cikin bayanan ki danna `Ctrl+T`. Daga nan duk fomular da kika rubuta a akwati ɗaya na kolum fanko, Excel zai cika kolum ɗin har ƙarshen tebur da kansa, ramukan D ba sa tare shi, sabon ɗalibin da kika rubuta a layi na 4302 kuma zai tarar da fomularsa tana jiransa. A cikin tebur `Ctrl+Space` yana zaɓar bayanan kolum ɗin kaɗai a danna ta farko, ba layuka miliyan ba. Amma lokacin da kika danna `Ctrl+T`, ɗan akwatin da zai fito yana nuna adireshin da Excel ya hasata, kuma da irin dokar `Ctrl+A` yake hasashen. Ki karanta shi kafin ki danna OK. Lambar ƙarshe 4301 ya kamata ta kasance. Idan kika ga wata ƙasa da haka, akwai layi fanko a ƙarƙashinta, sai ki gyara lambar da hannu a nan cikin akwatin, ki tabbata an yi wa My table has headers alama, bayan teburin ya zauna kuma ki je ki cire layin.